Ruwa Ya Raba Ɗaliba da Ƙauyukan Bincikenta: Me Za Ta Rubuta wa Malaminta?

Duk wanda ya san kwarin Haɗeja ya san watan Satumba ba watan lissafi ba ne. Ruwan da ya zuba a Kano da kewayenta a Agusta ba ya zama inda ya zuba. Kogin Kano da madatsar Tiga ke kansa da kogin Challawa sukan haɗe su zama kogin Haɗeja, su gangara ta Wudil, Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, har Kirikasamma da Guri. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, saboda haka idan kogin ya cika sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje, ya kuma daɗe bai janye ba. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Cikin waɗanda irin wannan ruwa ke tsayarwa akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba: ɗaliban fannin lafiyar al'umma masu digiri na biyu, waɗanda suke bin ƙauyuka gida gida suna tattara bayanan binciken kammala karatu. Idan hanya ta yanke, dole ɗalibi ya rubuta wa malamin da ke duba aikinsa ya nemi ƙarin lokaci. Na karanta irin waɗannan wasiƙu ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma mafi yawansu kuskure guda suke yi. Suna ba da labarin wahalar da ruwa ya ba ɗalibi, alhali abin da malami yake bukatar sani shi ne ɓarnar da ruwa ya yi wa binciken.

Domin a ga bambancin, bari mu ɗauki misali mu bi shi daki daki. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne kawai, amma an tsara su yadda ake tsara na gaske.

A ce wata ɗaliba tana son gano yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke fama da gudawa a wata ƙaramar hukuma da ke bakin kogin Haɗeja, da kuma alaƙar hakan da ruwan da gidaje ke sha. Tambayar da take yi wa iyaye mata ita ce wadda aka saba yi a irin wannan bincike: a cikin makonni biyu da suka wuce, yaron nan ya yi zawo sau uku ko fiye a rana guda? Ba za ta iya shiga kowane gida a ƙaramar hukumar ba, don haka ta yi lissafin da kowane ɗalibin fannin ya sani, wanda ke ba da 384 idan ba a da masaniyar yawan cutar tun farko, ta ƙara kashi goma cikin ɗari saboda waɗanda ba za a samu a gida ba ko za su ƙi amsawa, ta tsaya a kan gidaje 420. Ta zaɓi ƙauyuka 30 ta hanyar ƙuri'a, gidaje 14 a kowanne. Ta ɗauki mataimaka huɗu, dukansu mata, domin a gidajen kulle namiji baƙo iyakarsa zaure. Ta sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ta gaida hakimi da dagatai, ta fara aiki a Agusta da niyyar gamawa ranar 19 ga Satumba.

Ranar 8 ga Satumba ruwa ya haye hanya. A lokacin ta gama ƙauyuka 19, wato gidaje 266. Saura ƙauyuka 11, gidaje 154, kuma dukansu na bakin kogi ne, domin kamar yadda kowa zai yi, ta fara da waɗanda mota ke kaiwa cikin sauƙi ta bar na nesa zuwa ƙarshe.

Tambayar farko da malaminta zai yi a ransa, kuma yana da gaskiyar yin ta, ita ce: me zai hana ta rubuta rahotonta da gidaje 266 ɗin da ke hannu? Idan ƙarancin adadi ne kaɗai matsalar, ai ba babba ba ce. A lissafi mai sauƙi, gidaje 420 na ba da sakamakon da zai iya kauce wa gaskiya da kusan maki biyar cikin ɗari sama ko ƙasa, gidaje 266 kuma da kusan maki shida. Maki ɗaya bai isa a riƙe ɗaliba wata biyu ba. Ɗalibar da ta rubuta cewa tana neman lokaci "don ta cika adadi" ta ba malaminta hujjar cewa a'a da hannunta.

Ainihin matsalar tana wajen su wane ne suka rage. Ruwa bai yi ƙuri'a ba lokacin da ya yanke hanya. Ƙauyukan da ya killace su ne na fadama, inda rijiyoyi ba su da zurfi, inda masai ke cika ya tumbatsa da damina, inda asibiti ya fi nisa. Wato daidai wuraren da ake zaton gudawa ta fi yawa. A ce a ƙauyukan tudu 19 yara 15 cikin ɗari ne suka yi gudawa, a na bakin kogi kuma 30 cikin ɗari. Idan aka haɗa duka talatin ɗin, amsar ƙaramar hukumar za ta kai kusan 20 ko 21 cikin ɗari. Idan ɗalibar ta tsaya inda ruwa ya tsayar da ita, za ta rubuta 15, ta kare aikinta a gaban malamai, a ajiye kundin a laburare, wata rana wani jami'in lafiya ya ɗauko shi ya ce matsalar wannan yanki ba ta kai ta maƙwabta ba. Kuskuren da ƙarancin adadi ke jawowa yana iya faɗawa kowane ɓangare, kuma akwai lissafin da ke nuna girmansa. Wannan kuwa ɓangare ɗaya yake karkata, yana ɓoye waɗanda suka fi shan wuya, kuma babu abin da zai nuna shi a cikin teburan sakamako. Wannan ce hujjar wasiƙar, kuma ya kamata ta fito tun a sakin layi na biyu.

Sai dai malamin da ya san aikinsa yana da tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya. Idan ta koma a Nuwamba, shin abin da za ta auna shi ne abin da ta auna a Agusta? Tambayarta a kan makonni biyun da suka wuce take. Uwar da aka tambaya a Agusta tana ba da labarin tsakiyar damina. Wadda za a tambaya a Nuwamba tana ba da labarin kaka, bayan ta yi makonni a ajin makarantar firamare da iyalai da yawa, ta dawo ta tarar da rijiya ta gurɓata ko ta rufta. Idan aka sami gudawa da yawa a ƙauyuka 11 ɗin, ba za a iya cewa zamansu a bakin kogi ne ya jawo ba, ko ambaliyar, ko canjin yanayi. Ƙarin lokaci ya toshe wata kafa ya buɗe wata. Ɗalibar da ta nuna a wasiƙarta cewa ta hango wannan, ta kuma zo da dabara, ta riga ta yi rabin aikin shawo kan malaminta.

Dabarar ba ta da tsada. Za ta riƙe ranar da aka yi kowace hira, ta fitar da sakamakon kafin ambaliya daban da na bayanta, ba ta cakuɗa su ta ba da lamba ɗaya kamar ba abin da ya faru ba. Za ta kuma koma huɗu daga cikin ƙauyukan tudu da ta riga ta gama, waɗanda ruwa bai shiga ba, ta sake yin tambayoyin a Nuwamba. Idan gudawa ta ragu ko ta ƙaru a can ma, ta sami ma'aunin abin da sauyin lokaci kaɗai ya yi. Ƙauyuka huɗu ba za su ba da tabbaci mai ƙarfi ba, amma sun fi babu nesa ba kusa ba. Sannan za ta ƙara tambayoyi biyu ko uku: ruwa ya tashe ku daga gida? Kwana nawa kuka yi a waje? Ruwan da kuke sha yanzu shi ne na da?

Daga nan maganar ta wuce tsakanin ɗaliba da malami. Duk wani sauyi a tambayoyi ko a hanyar zaɓen gidaje sai kwamitin ɗa'ar binciken da ya ba da izini tun farko ya amince da shi kafin a aiwatar. Haka tsarin yake a ƙarƙashin dokokin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da aka fitar a 2007. Takardar izinin kuma tana da ranar ƙarewa, yawanci shekara guda, kuma ɗalibai da yawa ba sa duba ta sai bayan sun dawo daga fili. Bayanan da aka tattara bayan izini ya ƙare na iya zama aikin banza, ko a wajen kare kundi ko a wajen mujallar da za a kai aikin. Saboda haka wasiƙar ta faɗi ranar da izinin zai ƙare, ta kuma ce za a tura takardar neman gyara a cikin makonnin jiran ruwa.

Akwai gajerun hanyoyi guda uku da sukan zo wa ɗalibi a zuciya a irin wannan hali, kuma yana da kyau wasiƙar ta ambace su ta ce me ya sa aka bar su, don kada malami ya kawo su a matsayin mafita. Maye gurbin ƙauyukan da ruwa ya ci da wasu na bakin titi yana cika adadi amma yana ƙara karkatar da sakamako zuwa inda ya riga ya karkata. Hira ta waya kuma ba ta kai ga wadda ake nema, domin a gidaje da yawa wayar a aljihun maigida take, shi kuwa ba shi ke wanke wa yaro ba.

Ta uku ita ce ta fi jan hankali, kuma ita ce na fi jin tsoro. Mutanen ƙauyukan nan ai ga su can a tare a makarantar firamare ta cikin gari, me zai hana a bi su can a gama aikin a kwana uku? Duk wanda ya taɓa shiga sansanin waɗanda ambaliya ta kora riƙe da takarda da biro ya san abin da ke faruwa. Nan da nan labari zai zaga cewa an zo rubuta sunaye na tallafi. Matar da ta rasa rumbunta da ɗakinta ba za ta ce ba ta son amsa tambaya ba, ko da an karanta mata takardar neman yarda sau uku an ce babu abin da za a ba ta, domin tana tsoron kada a tsallake ta ranar rabo. Yardar da aka samu a haka ba yarda ba ce. Amsoshin ma sukan bi abin da mai amsawa yake zaton zai kawo taimako, sai ka ji kowane yaro ba shi da lafiya. Ba ƙarya ce ta mugunta ba, hali ne na wanda ke cikin matsi. Ga kuma tambayoyin da suka rasa ma'ana: ina kuke ɗebo ruwa, wane irin masai gare ku, alhali gidan da ake tambaya a kansa yana ƙarƙashin ruwa. Idan ɗalibar na son taimakawa a sansanin, ta je a matsayin ma'aikaciyar lafiya, ta koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari, ta sanar da hukuma idan ta ga alamun amai da gudawa. Amma ta bar takardun bincikenta a gida.

Ba na sa shiga kwalekwale cikin hanyoyin da za a tattauna. Kusan kowace damina sai an ji kifewar jirgin ruwa a arewacin ƙasar nan, galibi saboda lodi ya yi yawa kuma babu rigar kariya. Ɗaliba ba ta da ikon jefa rayukan mata huɗu da ta ɗauka aiki cikin wannan haɗari saboda kundin digiri, kuma babu malamin kirki da zai nemi haka.

Saura batun kwanaki nawa za a nema. "Har sai ruwa ya janye" ba wa'adi ba ne, kuma malami ba zai iya kai shi gaban shugaban sashe ba. Lissafin ɗalibar ga yadda zai kasance. Mataimakanta sukan kasu biyu, kowane rukuni ya gama ƙauye ɗaya a yini, wato ƙauyuka biyu a rana. Sha ɗaya za su ci kwana shida, huɗun da za a maimaita kwana biyu. Sai kwana ɗaya na sake horar da mataimaka a kan sababbin tambayoyi, da ƙarin lokaci na sake ƙidayar gidaje tare da masu unguwanni, tunda wasu gidajen sun rushe wasu iyalan kuma ba su dawo ba. Idan aka cire Juma'a da ranakun kasuwa, aka kuma tuna cewa lokacin kaka ne mata suna wajen sussuka da casa, aikin zai ci makonni biyu. Jiran hanya ta bushe shi ne mai tsawo, kuma a nan dagatai da direbobin da ke bin hanyar sun fi kowa sani. Idan suka ce ƙarshen Oktoba, to makonni shida ke nan daga ranar da aka so gamawa. Jimla makonni takwas.

A jami'o'in Nijeriya da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, a na Nijar da Faransanci, amma ga abin da za ta ƙunsa da Hausa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Kamar yadda na sanar da kai ta waya ranar 9 ga Satumba, ina neman ƙarin makonni takwas na tattara bayanai, daga 19 ga Satumba zuwa 14 ga Nuwamba, saboda ambaliyar da ta yanke hanyar shiga wasu daga cikin ƙauyukan bincikena tun ranar 8 ga wata.

Zuwa yanzu mun kammala ƙauyuka 19 cikin 30, gidaje 266 cikin 420, kuma duk bayanan suna ajiye lafiya. Ƙauyuka 11 da suka rage dukansu na bakin kogi ne. Idan na tsaya a nan, sakamakon zai wakilci mutanen tudu kaɗai, kuma ina tsammanin zai nuna gudawa ƙasa da yadda take. Na duba yiwuwar maye gurbin ƙauyukan, da hira ta waya, da bin mutanen zuwa inda suka yi gudun hijira, na ga kowanne zai ɓata ingancin aikin ko ya saɓa wa ƙa'idar neman yarda.

Na san bayanan Nuwamba ba za su zama daidai da na Agusta ba. Don haka ina ba da shawarar in fitar da sakamakon lokutan biyu daban, in sake ziyartar ƙauyuka huɗu na tudu don kwatantawa, in kuma ƙara tambayoyi uku a kan ambaliyar. Idan ka amince, zan tura wa kwamitin ɗa'a takardar neman gyara a wannan makon. Izinina na yanzu yana aiki har Fabrairu.

A makonnin jira zan tace bayanan da ke hannu in kawo maka babi na biyu da na uku da aka gyara. Idan har ranar 31 ga Oktoba ta yi hanya ba ta buɗe ba, zan nemi izininka in taƙaita binciken ga ƙauyukan tudu, in sauya take da manufofinsa su nuna hakan a fili. Na haɗa da jadawalin ƙauyukan, da hotunan hanya masu kwanan wata, da takarda daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Allah ya ƙara girma. Ɗalibarka."

A lura da sakin layi na ƙarshe. Shi ne yake ba malami natsuwar sa hannu, domin ya ga cewa ƙarin lokacin yana da iyaka, kuma ko ruwa ya ƙi janyewa akwai kundin da za a kare, mai faɗin gaskiyar iyakacin inda ya kai. A lura kuma cewa waya ta riga takarda. A al'adarmu ba daidai ba ne malami ya fara jin matsalar ɗalibinsa daga takardar da aka ajiye masa a tebur, sannan wasiƙar da ta zo kwana biyu bayan yankewar hanya ta fi wadda ta zo bayan wa'adi ya wuce ƙima, ko da kalmominsu ɗaya ne. Hotunan da za a haɗa su zama na hanya da gada, ba na fuskokin mutanen da ke cikin halin ƙunci ba.

Akwai abin da sa hannun malami ba ya warwarewa. Shi yana iya ɗaga ranar gama aikin fili, amma ranar kare kundi da wa'adin rajista suna hannun sashe da makarantar karatun gaba da digiri. Idan makonni takwas za su tsallaka da ɗalibar cikin sabon zangon karatu, wataƙila sai ta sake biyan kuɗin rajista, kuma gara ta tambayi wannan tun yanzu ta nemi malamin ya tura wasiƙar ta hannun shugaban sashe. Haka kuɗin mota da alawus ɗin mataimaka na ƙarin kwanaki: idan akwai mai ɗaukar nauyin binciken, shi ma yana bukatar tasa takardar.

Dole in ambaci ɗalibin da ba ya rubuta wasiƙar kwata kwata, wanda tsoron malami ko na kuɗin rajista ke sa shi ya zauna a ɗaki ya cike sauran takardun da kansa. Ana yi, kuma ana ganewa fiye da yadda masu yi suke zato. Manhajojin tattara bayanai irin su KoboCollect suna riƙe lokacin da aka buɗe kowace hira da lokacin da aka rufe ta, da wurin da aka tsaya idan an kunna ɗaukar wuri. Hirar rabin awa da aka gama a minti huɗu, ko gidaje sha huɗu da duk suka fito daga wuri ɗaya a cikin gari, ba sa bukatar dogon bincike. Ko a takarda aka yi, amsoshin ƙirƙira sukan yi kyau fiye da kima: babu gurbin da aka bari, babu uwar da ta manta watan haihuwar ɗanta, babu gidan da aka tarar a rufe. Wanda ya taɓa yin aikin fili ya san ƙauye ba ya amsa tambaya haka.

Wani ɓangare na laifin yana komawa ga ranar da aka tsara jadawali, kuma malamai na da kaso a ciki. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya na shekara mai ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ɗalibar misalinmu ba za ta iya kauce wa damina ba, tunda gudawar damina take son aunawa. Amma da ta buɗe wannan hasashe ta ga sunan ƙaramar hukumarta, da ta juya tsarin tafiyarta: ƙauyuka 11 na bakin kogi a makonni biyun farko na Agusta, tun hanya tana ɗaukar mota, na tudu kuma a Satumba, lokacin da ko kogi ya cika ana iya kai musu.